Katin dattijon nan da ya ƙi karantuwa: cif da baƙin layin baya

Salam malam. Ina sana'ar POS a wani ƙauye kusa da Gumel, ranar Alhamis kuma ina cin kasuwar Maigatari. Satin da ya wuce wani dattijo ya kawo katinsa zai ciri dubu ashirin, na saka har sau uku ya ƙi, sai na goga baƙin layin bayan a gefen injin, shi ma ya ƙi, wai sai dai a saka. Meye bambancinsu ne, ba duk kati ɗaya bane? Kuma da gaske ne ana iya kwafe katin mutum a injinmu? Don dattijon har ya fara yi min wani irin kallo.

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a nema. Kallon da baban nan ya yi maka kar ya dame ka, duk wanda ya zauna ƙarƙashin lema da inji a hannu ya sha irinsa, ni kaina shekarun da na yi ina yawon raba injinan nan da gyaransu daga Ringim zuwa Haɗeja na sha harara ba iyaka. Amsar a gajarce ita ce, baƙin layin nan karanta shi kawai ake yi, shi kuwa cif, wannan ɗan ƙarfen mai ruwan zinare da wasu ke cewa sim ɗin kati, hira ake yi da shi, a tambaye shi ya bada amsa. Duk sauran bayanin daga nan ya taso.

Bari in fara da layin baya tunda shi ne mai sauƙi. Idan ka riski zamanin kaset ka riga ka san shi, don abu ɗaya ne, zaren kaset ne aka yanko aka manna a jikin roba. Wani injiniya a kamfanin IBM mai suna Forrest Parry ne ake dangantawa da fara wannan dabarar tun shekarun 1960, kaga kenan fasahar ta girmi iyayen wasunmu. A cikin layin akwai ƙananan ƙwayoyin maganaɗisu da aka jera, wasu sun kalli nan wasu sun kalli can, a cikin tsagar gefen injinka kuma akwai hedi irin dai na rediyon kaset, idan ka ja katin ta kansa sai juyin maganaɗisun ya tada 'yar wuta a hedin, injin ya mayar da ita lambobi. Shi ya sa sai ka ja da hannu, in ka tsayar da katin cak ba abinda zai fito, kamar kaset ne da ba ya juyawa.

Abinda ke rubuce a ciki ba shi da yawa. Layin yana da hanyoyi uku amma wadda aka fi aiki da ita ta biyu ce, kuma ba ta wuce harafi 40. Ga kamanninta, na rufe lambobin da X:

```
;5399XXXXXXXXXXXX=2709221XXXXXXXX?
```

Na farko lambar katin ce, wadda ke rubuce a jikinsa kowa na gani. Bayan alamar `=` sai `2709`, wato katin zai mutu watan 9 na 2027, sai `221` wadda zan dawo kanta don ita ce ta hana ka gogewa ranar, sai sauran da banki ya zuba, a cikinsu akwai wata lamba mai harafi uku ta tantancewa wadda ba ita ce ta bayan kati da ido ke gani ba. Shikenan. Ka goga yau wannan ne zai fito, ka goga baɗi wannan ne dai zai fito, ko a Maigatari ko a Makka. Layin bai san nawa ake cira ba, bai san wa ke karanta shi ba, ba ya iya cewa a'a. To abinda ba ya canzawa kuma yana bawa kowa, ai kwafarsa ba wuya, kamar yadda a da ake saka kaset biyu a rediyo mai baki biyu a zuba wannan cikin wancan, wanda aka kwafa ya yi sauti sak na asali. Ɓarayi su ma haka suke yi, su maƙala ɗan hedi nasu a bakin ATM, ya naɗe layin lokacin da kati ke wucewa, su sa 'yar kyamara ta ɗauki fin, wato lambar sirrin da mai kati ke dannawa, su zuba a farin kati. Banki daga can inda yake ba yadda za a yi ya bambance, don abinda ya iso masa daga katin gaske da na bogi iri ɗaya ne harafi da harafi. Irin wannan satar ce ta addabi mutane a ATM a ƙasar nan har Babban Bankin Najeriya ya tilasta wa bankuna komawa katin cif da fin wajejen 2010.

Toh yanzu cif. Abu na farko da mutane ba su sani ba, wannan ƙarfen da kake gani ba shi ne cif ɗin ba, ƙofa ce kawai. Ainihin abin yana ƙarƙashinsa, ɗan mitsitsi, kuma kwamfuta ce cikakkiya, tana da ƙwaƙwalwa tana lissafi tana ajiye abu, batir ne kawai ba ta da shi. Ka duba ƙarfen da kyau za ka ga an tsattsaga shi gida shida ko takwas, biyar daga ciki ne ke aiki, ɗaya wuta ke shiga ta nan, ɗaya na ƙasa ne, ɗaya na bugun agogo da ke ba shi saurin aiki, ɗaya na tada shi, ɗaya kuma ta nan duk magana ke shiga tana fita. Idan ka tura katin, wasu 'yan ƙarafa masu sifirin a cikin injin su ke danne gidajen nan, injinka ne ke ba shi wuta daga batirinsa. Tsarin da suke magana da shi sunansa EMV, daga sunan kamfanoni uku da suka haɗa shi a shekarun 1990, Europay da Mastercard da Visa, shi ya sa katin kowane banki ke shiga injin kowane kamfani.

Mu ɗauki dubu ashirin ɗin baban nan, a ce katin ya yi aiki, mu bi ta daki-daki abinda ke faruwa cikin 'yan daƙiƙun da kake tsaye kana kallon sikirin.

Ka danna 20,000 ka tura kati. Injin ya ba cif wuta ya tada shi, cif ya amsa da wasu 'yan lambobi, kamar dai a yi sallama a amsa, yana faɗin irin yaren da yake ji da saurin da zai iya. Idan wannan amsa sallamar ba ta zo ba, nan ne kake ganin injin ya ce ba ya iya karanta kati, kuma kusan tabbas a nan na dattijon ya tsaya. Idan ta zo sai injin ya tambaya, kai na wane gida ne? Kowane gida da lambarsa, in ka duba risit ɗinka sau da yawa za ka ga wani layi an rubuta `AID`, Visa `A0000000031010`, Mastercard `A0000000041010`, Verve kuma `A0000003710001`. Ɗauko tsohon risit ka duba, za ka gani. Daga nan injin ya karanto lambar kati da ranar mutuwarsa da dokokin da banki ya ɗora masa, har da yadda za a tantance mai shi, wanda a wajenmu fin ne kusan ko yaushe. Akwai kuma matakin da injin ke duba sa hannun da aka yi wa katin tun daga gidan da ya fito don ya tabbatar ba ƙirar bayan gida ba ce, wannan ba zan tsaya kansa ba don mu nan ciniki sai ya je banki ta netwok, kuma can ne babban alƙalancin yake.

Sai baba ya danna fin. Nan hanya biyu ce, ya danganta da katin da kuma saitin injin, ko dai a miƙa wa cif ɗin shi da kansa ya ce daidai ne ko ba daidai ba, ko kuma a kulle fin ɗin tun daga madannin a aika banki a kulle. Ko wacce ce, injin ba ya ajiye shi kuma kai ba ka ganinsa. Akwai kuma ƙidaya, yawanci kuskure uku ne kati ya rufe, kuma ba wai cire katin a kai wani injin zai goge ƙidayar ba, don ba a injin take ba.

Yanzu ga wurin da duk tsaron yake, ka nutsu a nan. Injin zai haɗa wasu bayanai ya miƙa wa cif: kuɗin da za a cira, amma a kwabo, wato dubu ashirin ɗinka zai tafi a `000002000000`, sai lambar naira wadda ita ce `566`, sai kwanan watan ranar, sai irin cinikin, sai wata lamba da injin ya ƙirƙiro a take ta canki-canka wadda ko shi bai san me zai fito ba kafin lokacin. Shi ma cif yana da tasa ƙidayar a ciki da ake kira `ATC`, duk cinikin da aka fara sai ta ƙaru da ɗaya, ba ta komawa baya, a ce na baba wannan ne karo na 147. Sai cif ya kwashi duk waɗannan ya dama su da wani makullin sirri da aka dasa masa tun ranar da aka ƙera katin, ya fito da wata lamba mai harafi 16, sunanta `ARQC`. Ka ɗauke ta kamar hatimi, amma hatimin da zanensa ke fitowa daga abinda ke cikin wasiƙar, ka canza naira ɗaya a ciki zanen gaba ɗaya ya canza, ka canza rana ya canza, ko komai bai canza ba ƙidayar ta koma 148 ya canza.

Makullin nan kuwa ba ya fita. Ba wani umarni da inji zai aika wa cif ya ce ba ni makullinka, babu shi a yaren ma kwata-kwata. Abinda kawai za ka iya shi ne ka ba shi tambaya ya ba ka amsa, kuma daga amsar ba a iya lissafowa baya a gano makullin. To wa zai iya duba ko amsar daidai ce? Bankin da ya bada katin kaɗai. Su suna da uwar makulli a cikin wata na'ura ta musamman da ake kira HSM, daga uwar nan da lambar katin aka haifi makullin kowane kati, kowa da nasa daban. Saƙonka na isa sai na'urar ta sake haifo makullin katin baba, ta ɗauki dubu ashirin ɗin da ranar da lambar canki-cankar da 147, ta yi lissafin da cif ya yi, in amsarta ta yi daidai da wadda ka aiko to katin gaske ne ke cikin injinka a wannan lokacin kuma a kan wannan kuɗin. Sai a duba fin, a duba ko akwai kuɗi, a dawo maka da `00` in an yarda, ko `51` in kuɗi bai kai ba, ko `55` in fin ba daidai ba, ko `91` ɗin nan da ke sa mu ciwon kai ranar kasuwa in bankin ne ba a samu ba. Bankin ma yakan haɗo da nasa hatimin a miƙa wa cif don shi ma ya tabbatar da gidansu ya yi magana, sannan a rufe cinikin.

Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa kar a zare kati sai injin ya ce a zare. Da layin baya kana gogawa an gama da katin. Da cif kuwa hirar ba ta ƙare ba sai ƙarshe, in kwastoma mai gaggawa ya fizge katinsa bayan saƙo ya tafi, ana iya cire masa kuɗi a can, nan kuma injin ya ce bai yi ba, sai a zauna jiran ribasal, ga alat ya shigo masa ga kai ba ka ga komai ba, rigima ta tashi a tsakiyar kara.

To a ce wani mugun ya saka wani abu a cikin inji ya naɗe duk hirar nan tun daga sallama har ƙarshe, me ya samu? Ya samu hatimin dubu ashirin na ranar Alhamis na karo na 147, wanda an riga an ci. Kamar mutum ne ya tsinci katin waya da aka kankare aka loda, lambar tana nan ɓaro-ɓaro amma ba ta da amfani. In ya sake aikawa banki zai ga 147 ta wuce, kuma sabon injin da zai je zai ba shi wata lambar canki-canka daban wadda ba shi da makullin amsa ta. Zai iya cewa to bari in ɗauki lambar katin da na naɗo in zuba a layin baya na farin kati, nan ma an tare shi, don lambar tantancewa mai harafi uku da ke cikin cif an yi ta daban da wadda ke kan layin baya da gangan, in dai banki yana dubawa zai ga ba su haɗu ba. Don haka in an ce maka an kwafe cif ɗin wani a POS, ni dai a duk shekaruna ban taɓa bin diddigin irin wannan ƙarar na tarar da cif aka kwafa ba, kullum wani abu ne daban.

Mu koma kan `221` ɗin can. Harafin farko in ya zama 2 ko 6 ma'anarsa katin nan yana da cif, a yi aiki da shi. Wato layin bayan da kansa ne ya tona, kana gogawa injin ya karanta lafiya lau, ya ga 2, ya ce maka a'a saka shi. Ba lalacewa injinka ya yi ba, aikinsa ya yi. A tsarin asali akwai rangwame, in cif ya ƙi sau da yawa inji na iya yarda a goga ya sanar da banki cewa dole ce ta sa, amma ɓarayi suka mayar da wannan ƙofa, su zo da katin bogi da mataccen cif da gangan don a ce a goga, shi ya sa yawancin injinan da na yi aiki da su an toshe wannan hanyar gaba ɗaya, ko injin ya yarda ma banki ya ƙi. Ni a ganina gara haka. Kuma in ka samu injin da ke yarda, baƙo ya zo da kati yana ta matsa maka kai dai goga kawai, kar ka yi, don in ta ɓaci ƙa'idar ita ce asara na komawa kan ɓangaren da ya kauce wa cif, kuma kai ne ƙaramin da za a fi saurin dannewa. Layin ma kwanansa ya kusa ƙarewa, Mastercard sun sanar cewa zuwa 2033 ba sauran katinsu mai shi.

Sai dai kar in bar ka da tunanin cif ya gama komai, don nan ne mutanenmu ke cutuwa. Cif abu ɗaya yake tabbatarwa, cewa katin gaske ne a cikin injin. Bai san hannun wa yake ba. Kuma ba shi da ido ba shi da sikirin, duk kuɗin da inji ya faɗa masa a kansa zai buga hatimi.

Akwai wata baiwar Allah da aka taɓa kawo min maganarta a wani ƙauye, mai sayar da ƙuli da man gyaɗa, kuɗin adashinta ne ya tafi, dubu arba'in da biyar, 'yan uwa sun haƙiƙance an kwafe mata kati, har an fara zargin yaron da ke POS a bakin masallaci. Na ce a kawo katin in gani. Tana kwance shi daga bakin zani na karanta sunan jiki, ba nata ba ne. Launi ɗaya, banki ɗaya, amma sunan wani namiji, kuma katin ma ya daɗe da mutuwa. Ashe ranar da ta shiga gari ta tsaya a ATM wani ya ce kawo in taimaka miki inna, ya ga fin ɗin da ta danna, ya miƙo mata wani katin ya riƙe nata, ita kuma ba ta karatun boko, kwana huɗu tana ɗaure da katin wani. Da aka bi ta banki, duk cirar an yi ta da cif da fin daidai. Kaga cif bai yi ƙarya ba, katin gaske ne, ɓarawon ne ke riƙe da shi. Yaron bakin masallaci ba ruwansa, amma sai da ya yi wata guda mutane na tsallake shi.

Wannan binciken ma yana da kyau ka san shi don kare kanka. Duk cinikin da ya je banki yana ɗauke da wata 'yar lamba da ke faɗin ta yaya aka karanta katin, `05` cif ne aka saka, `90` layin baya aka goga, `07` ɗorawa aka yi ba a saka ba, `01` kuma da hannu aka shigar da lambar. Don haka in kwastoma ya zo da kuka, abin da za a fara tambaya a banki shi ne ta wace hanya kuɗin ya fita. In `05` ne da fin, to katin da kansa ya je wurin, a binciki wa ya riƙe shi, ɗa ne ko ɗan aike ko musanya aka yi. In kuma a intanet aka yi sayayya, to ba cif a maganar sam, lambar gaban kati da ranar mutuwa da ukun bayan nan aka samu, wataƙila wani ya ɗauki hoton katin gaba da baya da waya, sannan aka kira mai shi aka ce daga banki ne ya karanto lambar da ta shigo masa, shi kuma ya karanto. Wannan ce ta fi yawa yanzu, kuma ita ce dalilin da zai sa ka daina barin kati ya kwana a wajenka ko ana tura yaro da kati da fin a rubuce a takarda, na san ana yi, musamman matan da ba sa fita, amma ranar da wani abu ya faru sunanka za a fara kira.

Sai kuma ta ɓangarenmu masu inji, gaskiya ɗaya ce a faɗe ta. Wani zai ce a cire masa dubu biyar a danna dubu hamsin, sifili ɗaya ne tsakani, dattijo ya danna fin bai duba ba, cif kuma ya buga hatimi a kan hamsin ɗin da zuciya ɗaya, a banki kuma ba abinda zai nuna an yi cuta. Shi ya sa nake gaya wa duk yaron da na ba inji, ka juya sikirin ka nuna wa mutum, ka faɗi kuɗin da baki da ƙarfi kafin ya sa fin, ka kau da kai lokacin da yake dannawa, ka ba shi risit ko bai tambaya ba. In ka saba da haka kallon nan da ake maka zai ragu da kansa.

Na ɗorawa kuwa, wanda ake kusanta kati da inji ba a saka ba, kar ka ɗauka layin baya ne ya dawo, cif ɗin ne dai, akwai siririyar waya da aka naɗe cikin robar katin tana karɓar wuta daga injin ta iska in an kusanto kamar faɗin yatsu biyu, kuma shi ma sabon hatimi yake bugawa kowane karo.

Game da katin baban nan, ga abinda zan yi in ni ne. Ka fara gwada wani katin a injin, in shi ma ya ƙi to matsalar taka ce, ƙurar Maigatari ba wasa ba ce, tana shiga ramin ta kwanta kan 'yan ƙarafan nan, ko sifirin ɗinsu ya saki saboda yawan tura kati da ƙarfi. Kar ka zura allura ko tsinken ashana ko reza a ciki, kuma kar ka kwance injin, yana da tarko a ciki, yana jin an buɗe shi zai goge makullansa ya rubuta maka `TAMPER` ko makamancin haka, daga nan sai dai a mayar wa kamfani. In kuwa sauran katuna na shiga nasa ne kawai ya ƙi, ka karɓa ka duba ƙarfen a haske. Mafi yawa dauɗa ce, gumi da maiƙo da garin goro na aljihu, ka goge da kilinar fensir a hankali ko ɗan tsumma mai tsabta da ɗigon sifirit, ka bari ya bushe, ba yawu ba don Allah, na ga masu lasa suna gogawa a riga. In ka ga katin ya lanƙwashe daidai wajen ƙarfen ko ya tsage, irin na masu sa shi a aljihun baya su hau babur, to siraran wayoyin da suka haɗa ƙarfen da cif ɗin ciki sun katse, ba gogewar da za ta tashe shi. Sai ya je reshen bankinsa da katin shaidarsa a ba shi sabo, kuma ka gaya masa ya karɓi tsohon a karya shi ta tsakiyar ƙarfen a gabansa, don lambar da ke jiki da layin bayan suna nan da ransu har sai banki ya rufe shi.